Kafin Ka Sayi Ƙwaƙwalwar Jirgi, Ɗora Kyamararka A Sikeli

Yawancin matasan da suka ƙudura haɗa ƙaramin jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu da hannunsu, abin da suke fara nema shi ne allon da ke sarrafa tashi, wanda 'yan kasuwa ke rubuta wa FC a jikin kwali, mu kuma za mu kira shi ƙwaƙwalwar jirgi. Ba a ga laifinsu ba, domin shi ne ya fi kama da kwamfuta, shi ne kuma ake ta yi wa talla. Sai dai a ganina wannan allo shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a jerin sayayya. Abin da za a ɗauka shi ke faɗin girman farfela, farfela ita ke zaɓen inji, inji ya faɗi irin wutar da zai sha, sannan a nemi ƙwaƙwalwar da za ta iya da su duka. Wanda ya juya wannan tsari, sau da yawa yakan ƙare da kaya masu kyau waɗanda ba su dace da juna ba, kuma ba ya gane hakan sai ranar da hayaƙi ya tashi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mutum yana da kyamarar GoPro, irin HERO11, yana son jirgin da zai ɗauke ta ya ɗauki hoton gona, ko gini, ko filin ƙwallo daga sama. Nauyin wannan kyamara ya ɗan haura gram 150. In aka haɗa da mariƙin robar da za a ɗaure ta a kai, sai a ce gram 175. Wannan lamba ita ce farkon komai.

Dalili kuwa yana cikin yadda farfela ke ɗaga kaya. Aikinta tura iska ƙasa ne, kuma akwai hanya biyu ta samun ƙarfin ɗagawa iri ɗaya: ko a tura iska mai yawa a hankali, ko a tura iska kaɗan da gudun tsiya. Ta farkon ta fi arha ga batir nesa ba kusa ba. A lissafi, idan nauyi bai canza ba, wutar da ake bukata don jirgi ya tsaya a sama tana raguwa daidai gwargwadon yadda faɗin farfela ya ƙaru. Ke nan idan ka ɗora gram 750 a kan farfelolin inci 3 maimakon na inci 5, za ka ci wuta da ta ƙaru da kusan kashi biyu bisa uku. Idan kuma ka koma inci 7, za ka rage kusan kashi 30 cikin 100. To me ya hana kowa komawa inci 7? Jirgin zai yi girma, ya yi tsada, hannuwansa dogaye sun fi saurin kakkarwa, kuma faɗuwarsa ta fi ɓarna. Don kyamara mai nauyin GoPro, inci 5 shi ne tsaka-tsaki. Akwai kuma wani dalilin da ya shafe mu musamman: inci 5 shi ne girman da ya fi yawa a duniya, don haka farfelarsa da injinsa sun fi sauƙin samu. Wanda zai jira makonni kafin kayan da ya yi oda su iso Kano ko Maraɗi, bai kamata ya zaɓi girman da ba a cika sayarwa ba.

Yanzu sai a haɗa nauyin jirgin a takarda tun kafin a sayi ko noti ɗaya. Firam ɗin inci 5 yakan kai gram 120. Injuna huɗu, gram 130. Farfeloli huɗu, gram 15. Ƙwaƙwalwa da allon da ke ba injuna wuta, gram 25. Ƙaramar kyamarar da matuƙi ke kallon hanya da ita, da na'urar aika hotonta, da eriya, da mai karɓar saƙon rimot, a ce gram 40. Wayoyi, notuna, maɗauri da sauran tarkace, gram 45, kuma wannan shi ne kason da kowa ke mantawa. Jimla gram 375. Batir ya ƙara 200, ya zama 575. Kyamara da mariƙinta suka hau, muka tsaya a gram 750. Waɗannan lambobi kimantawa ce, kayanka za su ɗan bambanta, amma ba da yawa ba.

A nan akwai wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Kyamarar ta ƙara wa jirgin kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, amma wutar da zai sha don ya tsaya a sama ba da kashi 30 za ta ƙaru ba, kusan da rabi za ta ƙaru. Haka dokar take: bukatar wuta tana hawa fiye da yadda nauyi ke hawa. Shi ya sa ƙara babban batir don a daɗe a sama yake da iyaka, domin wani ɓangare na ƙarin wutar yana tafiya ne wajen ɗaukar batir ɗin kansa. Shi ya sa kuma nake ba wanda bai riga ya sayi kyamara ba shawara ya sake tunani. Akwai na'urori irin DJI O3 da ke aika wa matuƙi hoto kuma su naɗi bidiyon 4K a lokaci guda, nauyinsu kimanin gram 40. Mai irin wannan yana iya sauka zuwa farfelar inci 3.5 da ƙananan injuna masu lamba 1404, ya sami jirgi mai rabin nauyin namu ko ƙasa da haka. Amma mu mun riga mun riƙe GoPro, sai mu ci gaba da inci 5.

Karanta lambar farfela

A jikin ledar farfela za ka ga rubutu kamar 5x4.3x3. Lamba ta farko faɗinta ne, inci 5. Ta ƙarshe yawan fukafukanta, uku. Ta tsakiya ita ce mai bukatar bayani: ita ce karkatar fiffike, wato nisan da farfelar za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce iska ba ta zamewa, inci 4.3. Wasu kamfanoni sukan dunƙule lambobin, kamar 51466 na Gemfan, mai faɗin kimanin inci 5.1.

Karkatar nan tamkar giyar babur ce. Mai yawa, irin 4.8 zuwa sama, babbar giya ce: tana ba da gudu, amma tana wahalar da inji wajen tashi, tana zuƙe batir, tana kuma sa inji zafi. Mai kaɗan, tsakanin 3 da 4, ƙaramar giya ce: inji yana juya ta cikin sauƙi, yana ƙara gudu ko ya rage nan take, kuma totur yana yin laushi a hannu. Mai ɗaukar hoto ba tsere yake yi ba. Abin da yake so shi ne jirgi ya sauko a hankali ba tare da tsalle-tsalle ba, don haka zan zaɓar masa farfela mai fukafukai uku da karkata tsakanin 3.5 da 4.3. Mai fukafukai biyu ta fi tattalin wuta, amma mai uku ta fi riƙe iska a kwana, kuma ita ce ke cike da kasuwa.

Farfela ita ce mafi arha a jikin jirgin, ita ce kuma ta fi lalata hoto. Idan bidiyo ya fito yana rawa kamar ana kallon abu ta cikin ruwa, layukan gine-gine suna lanƙwashewa, abin da za a fara zargi ke nan. Irin waɗannan kyamarori ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya lokaci guda, layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Idan jirgi yana kakkarwa, kowane layi yana faɗawa a wuri dabam. Fiffike ɗaya da ya ɗan lanƙwashe ko ya gutsure a baki ya isa ya jawo haka. Kada a miƙe shi da hannu a ce ya gyaru. A cire a jefar. Duk mai sayen farfela ya sayi saiti biyar ko fiye, kuma ya tuna biyu suna juyawa dama, biyu hagu, ba a musanya su.

Inji da batir tare ake zaɓensu

Injin da ake amfani da shi yana ɗauke da lambobi biyu. Ta farko, kamar 2207, girman zuciyarsa ce, inda aka naɗe kwayil: faɗi milimita 22, tsayi milimita 7. Gwargwadon girman wannan zuciya, gwargwadon ƙarfin murɗa farfela. Don inci 5, 2207 da 2306 su ne aka saba da su. Ƙaramin inji a ƙarƙashin babbar farfela zai juya ta, amma zai yi jinkirin amsa umarni, ya kuma ɗau zafi.

Lamba ta biyu ita ce KV, kuma a nan ne aka fi yin asara. KV yana faɗin sau nawa inji zai juya a minti ɗaya a kan kowane 1V idan babu farfela a kansa. Ba ma'aunin ƙarfi ba ne, don haka inji mai 2400KV bai fi mai 1750KV ƙarfi ba. Kowanne an yi shi ne don batir dabam. Batirin LiPo mai ɗaki huɗu, wanda ake rubuta wa 4S, yana ba da 14.8V. Mai ɗaki shida, 6S, yana ba da 22.2V. A ninka a gani:

```
2400 x 14.8 = 35,520
1750 x 22.2 = 38,850
2400 x 22.2 = 53,280
```

Layi biyun farko sun yi kusa da juna, kuma nan ne farfelar inci 5 take jin daɗin aiki. Layi na uku shi ne abin da ke faruwa idan wani ya ɗora batirin 6S a kan injin da aka yi don 4S. Injin zai yi ƙoƙarin kai farfela gudun da ya fi ƙarfinsa, ya zuƙi wuta fiye da kima, kwayil ya gasu. Manhajar Betaflight tana da wurin rage wa inji iyaka, `motor_output_limit`, wanda zai iya ceton mai irin wannan haɗi, amma wanda bai riga ya saya ba ya sayi daidai tun farko.

Tsakanin 4S da 6S, ni 6S zan ɗauka don wannan jirgi. Aikin da za a yi iri ɗaya ne, amma da yake ƙarfin turawar wutar ya fi yawa, yawan wutar da ke bi ta cikin wayoyi ya ragu da kashi ɗaya bisa uku. Wayoyi da allon wuta ba sa zafi sosai, kuma batir ba ya durƙushewa idan aka danna totur. Zaɓinmu ke nan: 2207 mai KV tsakanin 1700 da 1800, da batirin 6S mai kimanin 1100mAh.

Sai a duba ko zai ɗaga. Kamfanonin kirki suna buga jadawalin gwaji da ke nuna ƙarfin ɗagawar inji da wutar da ya sha a kowane matakin totur, da sunan farfelar da aka gwada da ita. Injin da ba shi da wannan jadawali, ni ba na saye. Ƙa'idar ita ce ƙarfin injuna huɗu a haɗe ya ninka nauyin jirgi aƙalla sau biyu, domin ƙwaƙwalwa tana daidaita jirgi ne ta hanyar ƙara wa wani inji gudu ta rage wa wani, kuma idan duk sun kusa ƙurewa don kawai su tsaya a sama, ba ta da sauran abin da za ta ƙara idan iska ta buge shi. Ninki huɗu ya fi kwanciyar hankali. Namu jirgin gram 750 ne, ke nan kowane inji yana ɗauke da kusan gram 190 a tsaye, kuma muna son ya iya kai gram 750 shi kaɗai. Injin 2207 a kan 6S yakan wuce kilo ɗaya a gwaji, saboda haka muna da rara mai yawa.

Wannan rara ba almubazzaranci ba ce a ƙasarmu. Jadawalin da kamfani ya buga a ɗaki mai sanyi aka yi shi, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. A Kano, wadda ke kusan mita 480 sama da teku, ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, kaurin iska yakan gaza ma'aunin da injiniyoyi ke lissafi da shi da kimanin kashi 13 cikin 100. A Jos tsayin ƙasa ne ke yin wannan aikin. Farfela sai ta ƙara gudu kafin ta ɗaga nauyin da ta saba, kuma iskar da ya kamata ta sanyaya inji ita kanta da zafinta ta zo. Bayan tashin farko na rabin minti, a sauko a taɓa kowane inji. Ɗumi ba komai ba ne. Idan yatsa bai iya jure 'yan daƙiƙu a kai ba, akwai matsala, kuma idan guda ɗaya ne kawai ya yi zafi, a duba notin da ya ɗaure shi: in ya cika tsayi yakan shige ya taɓa kwayil. Wani abin kuma shi ne ƙasa. Cikin injin maganaɗisu ne masu ƙarfi, suna tsince ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin yashi, ƙurar hunturu kuma tana cin boris. A riƙa tashi daga kan tabarma ko kwali, a kuma juya kowane inji da yatsa kafin tashi. Wanda ya yi ƙaras-ƙaras yana bukatar shara.

Nawa zai daɗe a sama? Irin wannan haɗi yakan ɗaga kimanin gram 5 da kowane wat ɗaya idan yana tsaye. Gram 750 ke nan wat 150, wanda a kan 22.2V ya kusa 7A. Ba a shanye batirin LiPo duka, kashi 80 cikin 100 ake amfani da shi, wato 880mAh. A raba, za a sami minti bakwai da 'yan kai a tsaye cik. Da an fara yawo da hawa da sauka, minti huɗu zuwa biyar ne. Gara mutum ya san wannan tun yanzu. Wanda aikinsa ke bukatar minti 20 a sama, ba wannan jirgin yake nema ba, ya koma kan farfelar inci 7 ya sake lissafi daga farko.

Sai yanzu ƙwaƙwalwa

Tsakanin ƙwaƙwalwa da injuna akwai allon da ake rubuta wa ESC, shi ke karɓar umarni ya ba kowane inji wutarsa. Zaɓensa ba wuya: a duba mafi yawan wutar da inji ya sha a jadawali, wanda ga 2207 yakan kai wajen 35A zuwa 40A, a sayi allon da ya ɗara haka, 45A zuwa 55A, mai ɗaukar 6S. Ya fi sauƙi a saye shi a haɗe da ƙwaƙwalwa daga kamfani ɗaya, domin wayar da ke haɗa su ba tsari ɗaya take bi a kowane kamfani ba, kuma waya ɗaya da ta sauka a gurbin da ba nata ba tana iya aika wutar batir kai tsaye inda ba a so. A cikin kwalin za a tarar da kafasito, galibi 35V mai 470µF zuwa 1000µF. Kada a ajiye shi gefe don ya yi ƙato. Shi ke shanye tsalle-tsallen wutar da injuna ke haifarwa, waɗanda ke sa layuka a hoton matuƙi, wani lokacin ma su kashe allo.

Ita ƙwaƙwalwar, tambayar farko ba ta kayan ƙarfe ba ce: yaya kake son jirgin ya tashi? Betaflight an gina ta ne don tuƙin hannu, inda matuƙi ke riƙe da jirgi kowace daƙiƙa, kuma ita ce ta fi yawan masu amfani. Wanda yake son jirgi ya tsaya wuri ɗaya da kansa, ya bi hanyar da aka zana masa a taswira, ya dawo gida idan saƙo ya yanke, INAV ko ArduPilot ya kamata ya duba, kuma zai bukaci GPS, da ma'aunin tsayi a jikin allon, da kamfas. Wannan shawara tana taɓa sayayya kai tsaye. Alluna suna zuwa da lambobi irin F405, F722 da H743. F722 yana da sauri, amma ma'ajiyarsa 512KB ce kawai, ArduPilot ba ta shiga cikinta. F405 yana ɗaukar duka ukun kuma yana da arha. H743 ya fi su duka, amma jirgin farko ba ya bukatarsa. F411 kuma zan bar shi, saboda ƙarancin ƙofofi.

Ƙofofin nan, da ake rubuta wa UART, su ne wuraren da ake jona sauran na'urori, kuma a ƙirga su da yatsa kafin a biya kuɗi. Mai karɓar saƙon rimot, irin ExpressLRS, yana cin ɗaya. Na'urar aika hoto tana cin ɗaya. GPS ɗaya. Uku sun tafi, don haka allon da ke da huɗu ko biyar shi ne daidai. A duba kuma ko yana fitar da 9V ko 10V ban da 5V, domin na'urorin hoto na dijital sun fi son wannan. A tabbatar ramukan notinsa sun yi daidai da firam: na inci 5 yawanci milimita 30.5 ne tsakanin rami da rami, akwai kuma na milimita 20. Abu ne ƙarami, amma allon da bai hau firam ba bai da amfani.

Abin da ya fi shafar hoto a jikin allon shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin juyi, jairo, wanda ke jin motsin jirgi sau dubbai a daƙiƙa. Za ka ga sunaye irin MPU6000, ICM-42688-P ko BMI270, kuma duk suna aiki idan an haɗa allon da kyau. Matsalar ita ce jairo ba ya bambanta motsin gaske da kakkarwar inji. Idan kakkarwa ta kai gare shi, ƙwaƙwalwa za ta yi ta ba injuna umarnin gyara abin da bai karkace ba, su yi zafi, hoto ya yi rawa. Shi ya sa allon ke zuwa da 'yan robobi a ramukansa. A ɗaure noti har ya kama, kada a matse robar ta mutu, kuma kada wata waya ta kwanta a kan allon tana bugunsa. Sannan akwai dabarar da ta fi kowace amfani: ESC ya riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa ainihin gudun kowane inji, ita kuma ta tace kakkarwar da ta zo daidai da wannan gudu. Wannan yana bukatar ESC mai manhajar AM32, BLHeli_32 ko Bluejay. A Betaflight ana kunna shi haka:

```
set dshot_bidir = ON
set motor_poles = 14
save
```

Lambar 14 yawan maganaɗisun da ke cikin ƙoƙon injin 2207 ne. Ƙananan injuna sukan zo da 12, don haka a leƙa a ƙirga. Idan lambar ta kuskure, tacewar za ta faɗa inda babu kakkarwa. Allon da ke da ma'ajiyar Blackbox yana naɗar abin da jairo ya ji a lokacin tashi, ta yadda za a iya buɗewa a kwamfuta a ga inda matsala take maimakon a yi ta canke.

Ranar da aka gama liƙa wayoyi da dalma, kafin batir ya taɓa jirgin, a sa mita tsakanin jar waya da baƙa a tabbatar ba su haɗu ba. Duk wani gwaji a kan tebur a yi shi babu farfela ko ɗaya, domin farfelar inci 5 tana yanka nama har ƙashi. A shafin Motors na Betaflight a tayar da injuna ɗaya bayan ɗaya, a ga cewa na ɗaya a allon kwamfuta shi ne na ɗaya a jikin jirgi, kuma kowanne yana juyawa ɓangaren da zanen ya nuna. A ɗaga jirgin a karkata shi gaba, a ga hoton da ke kan kwamfuta ya karkata gaba shi ma. Jirgin da ya kife nan take da aka ba shi totur, kusan kullum ɗaya daga cikin huɗu ne: jerin injuna ya rikice, wani yana juyawa baya, an ɗaura farfela a gurbin da ba nata ba, ko kibiyar da ke jikin ƙwaƙwalwa ba gaba take kallo ba. Da yake GoPro a goshi take zama, a ja batir baya har sai jirgin ya daidaita idan an ɗaga shi da yatsu biyu daga tsakiya. In ba haka ba injunan gaba za su riƙa aiki fiye da na baya, su ne kuma za ka tarar sun fi zafi.

Kafin a fita fili kuma, mai jirgi a Najeriya ya nemi sanin ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, domin su ke ba da izini, kuma jirgi mai gram 750 ɗauke da kyamara ba a ɗaukarsa abin wasan yara. Tashin farko a yi shi a fili mai faɗi, nesa da mutane da barikoki da filin jirgin sama, da GoPro a ajiye a aljihu, an ɗaura wani abu mai nauyinta a gurbinta.